Zaɓen Mabuɗin Rabon Bayanai

Idan rumbun bayanai ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, akan rarraba shi ga na'urori da dama. Abin da ake dubawa cikin kowane bayani domin a san na'urar da za ta ajiye shi, shi ne mabuɗin rabo.

A ɗauki misalin rajistar haraji da aka raba wa na'urori huɗu bisa kwanan wata, kowace da wata uku. A takarda rabon ya yi daidai. Amma a watan Maris duk sabon rasit na'urar farko zai nufa, ta yi ta nishi alhali ukun suna zaman banza. Yawan abin da kowace ta ajiye ba ya tona wannan, sai an ƙidaya buƙatun da take amsawa cikin daƙiƙa.

Gwamma a ɗauki lambar mai biya a raba ta da huɗu, ragowar ta nuna na'urar: 1027 ta bar 3, 1028 ta bar 0. Sai dai in lambobin duka da sifili suke ƙarewa, na'ura biyu kaɗai za su sha kaya, tilas a fara dagula su da lissafin `hash`. Wannan rabo ma da tsadarsa, domin mai neman jimillar Maris sai ya tambayi na'urorin huɗu duka.