IDAN SATIFIKET NA AIKIN JIRGIN RUWA YA KUSA ƘAREWA

Jama'a, wannan jawabi ya shafi hafsoshi da injiniyoyi masu aiki cikin manyan jiragen ruwa, musamman waɗanda suka sauka daga jirgi suka daɗe a tudu. Da yawa daga cikinsu suna tsammani idan ranar da aka rubuta a kan satifiket ta wuce, akwai 'yan watannin da ake ɗaga wa mutum ƙafa. Wasu kuma suna tsoron cewa da zarar ta wuce sai an koma aji an sake jarrabawa daga farko. Dukansu biyu ba su fahimci dokar ba.

Tushen al'amarin shi ne yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1978 a kan horar da ma'aikatan jiragen ruwa, wadda ake rubuta sunanta STCW a kan takardun, aka kuma yi mata babban gyara a 1995, sa'an nan a Manila a 2010. Nijeriya tana cikinta, kuma hukumar NIMASA ce take ba da satifiket a madadin Gwamnatin Tarayya. Bisa ga yarjejeniyar, lalle ne kyaftin, da hafsa, da injiniya, su sabunta satifiket ɗinsu kafin shekara 5 ta cika. Abu biyu ake nema: shaidar likita cewa mutum yana da ƙoshin lafiya, da shaidar cewa hannunsa bai manta da aiki ba.

Ɗaga ƙafar da ake ta magana a kanta akwai ta, amma ga takardar likita take. Ita wannan takarda shekara 2 take yi, ko shekara 1 ga wanda bai kai shekara 18 da haihuwa ba. In ta ƙare jirgi yana tsakiyar teku, tana nan da ƙarfinta har a isa tasha ta gaba inda akwai likitan da hukuma ta amince da shi, muddin dai ba a wuce wata 3 ba. Dalilin a fili yake, don ba a samun likitan hukuma tsakanin Ikko da Durban. Satifiket na ƙwarewa kuwa ba shi da irin wannan rangwame, domin mai shi ya san ranar ƙarewarsa tun shekara 5 da suka wuce. Jami'an binciken jiragen baƙi a kowace tasha suna da ikon tsare jirgi in suka tarar da hafsa mai tsaron aiki ba shi da satifiket mai rai, kuma kamfanin da aka tsare wa jirgi saboda sakacin mutum ɗaya da wuya ya sake ɗaukarsa.

To, yaya mutum zai nuna hannunsa bai manta ba? Hanya mafi sauƙi ita ce lissafin kwanakin teku. Wanda ya yi jimlar wata 12 yana aikin da ya dace da satifiket ɗinsa cikin shekara 5 da suka gabaci neman sabuntawa, ya cika sharaɗi. Haka kuma wanda ya yi wata 3 cikin wata 6 na ƙarshe. Ba a ce sai watannin sun zo a jere ba, amma tilas ne kowannensu ya fito cikin littafin da kyaftin yake sa wa hannu ran hawa da ran sauka.

A nan ne jinkiri yake cutar mutane, gama shekara 5 ɗin daga ranar neman sabuntawa ake ƙirga su baya. A ɗauki misalin wani injiniya na biyu wanda satifiket ɗinsa zai ƙare ran 30 ga Yuni, 2025. Ya yi wata 8 a teku daga farkon Yuli 2020 zuwa ƙarshen Fabrairu 2021, ya ƙara wata 6 cikin 2022, sa'an nan ya sauka ya kama harkar sufuri a Apapa. Jimla wata 14 ke nan. In ya kai takardunsa cikin Janairu 2025, dukan watannin suna cikin lissafi, ba kuwa wanda zai tambaye shi jarrabawa. Bai kuma yi asarar kome ba don ya zo da wuri, domin sashen shawarwari na yarjejeniyar ya yarda cewa wanda ya nema cikin wata 6 na ƙarshe a ƙirga masa sababbin shekarun daga ranar ƙarewar tsohon, watau har Yuni 2030.

Amma a ce ya yi ta cewa gobe, jibi, har ran 1 ga Disamba, 2025. Yanzu lissafi zai fara ne daga 1 ga Disamba, 2020. Watanni 5 na farko, daga Yuli zuwa Nuwamba, sun fita, saura wata 3 daga tafiyar farko da wata 6 na biyu, watau 9. Mutumin nan ilminsa bai ragu ba, littafinsa kuma bai canja ba, amma ya rasa wata 3. Tun daga farkon Satumba 2025 ne ma hanyar sauƙi ta rufe masa, shi kuwa bai sani ba.

Duk da haka bai koma ɗan koyo ba. Yarjejeniyar ta bar masa ƙofofi. In aikin da ya yi a tudu hukuma ta ɗauke shi daidai da na teku, ana iya lissafa masa shi. Sai dai tuƙa harkar motocin kaya ba ya cikin irin wannan, kome ribarsa. Yana iya shiga kos na sabunta ilmi wanda hukuma ta amince da shi ya kammala. Yana iya yin wata 3 cikin jirgi a matsayin ƙarin mutum wanda ba a lissafa shi cikin ma'aikatan dole, ko a muƙamin da bai kai nasa ba, kafin ya koma kujerarsa. Wannan kuwa sai an shirya shi da hukuma tun kafin a hau, ba bayan an sauka ba. Ko kuwa ya zauna gwajin da aka tsara, wanda yana iya zama na baka, ko na rubutu, ko a kan na'urar kwaikwayon jirgi. Wannan gwaji na tabbatar da abin da mutum ya riga ya sani ne, ya bambanta da jarrabawar da ya ci ran da aka fara ba shi satifiket.

Cikakkiyar jarrabawa takan wajaba ne ga wanda yake neman hawa daraja, kamar injiniya na biyu mai son zama babban injiniya, da kuma wanda ya bar takardarsa ta mutu har ya wuce iyakar da ƙasar da ta ba shi ta yanke. Yarjejeniyar ba ta tsai da wannan iyaka ba, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke tata. Dokar Amirka, alal misali, ta daɗe tana ba da shekara 1 bayan ƙarewa, sa'an nan a 2024 aka tsawaita ta zuwa shekara 6 na wani lokaci. Ko a can ma wa'adin na sabunta takarda ne kurum, ba a yarda mutum ya hau jirgi da ita cikinsa ba. Saboda haka mai satifiket na wata ƙasa dokar ƙasar nan zai bi, ko da a Ikko yake zaune, kuma hatimin amincewa da wata ƙasa ta buga a kansa yana mutuwa ran da uwar takardar ta mutu.

Saura ƙananan takardu, waɗanda su ne suka fi ɓata wa mutane lokaci. Tun gyaran 2010, horon kashe gobara da na ceton kai cikin ruwa su ma sai an sabunta shaidarsu kowace shekara 5, kuma kwanakin teku ba sa wadatarwa ga dukan sassansu, gama ba a kunna wuta ta gaske cikin jirgi don gwaji. Ranakun ƙarewarsu ba safai suke dacewa da na babban satifiket ba. Ya kamata mai shirin sabuntawa ya shimfiɗa dukan takardunsa wata 6 kafin lokaci, ya duba wadda za ta riga mutuwa, ya nemi gurbi a makarantar da hukuma ta amince da ita, sa'an nan ya je wurin likita.