Kare da Jaki: Me Ya Sa Zagi Ɗaya Ke Kashe Zumunta, Ɗaya Kuma a Yi Dariya?

Yau zancen zagi za mu yi, kuma tun farko ina neman afuwar iyayenmu da malamanmu, don dole sai na ambaci wasu kalmomin da bakina kafin a gane inda na dosa.

Mu nan ƙasar Bagudo, duk wanda ke cin kasuwannin bakin iyaka, ko Tsamiya ta hanyar Segbana, ko Lolo ta hanyar Madikali zuwa Malanbil, ya san cewa a rumfa ɗaya kana iya jin Hausa, Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci, Busanci, Yarbanci da Faransanci. Kowa na ciniki da harshen da ya aro, amma in rai ya ɓaci, da ma'aunin gidansu yake auna maganar da aka faɗa masa. To a nan rikici ke shigowa.

Bari mu fara da namu. A Hausa in ka ce wa mutum jaki, me ka taɓa? Ka taɓa ƙwaƙwalwarsa. Kana nufin ba ya ganewa, sai an maimaita, sai an daka. Malamin aji na faɗa, uba na faɗa wa ɗansa, aboki na faɗa wa aboki a teburin mai shayi. Da zafi, amma zafin na wucewa, domin abu ne da mutum ke iya wankewa da kansa. Yaron da aka ce wa jaki bana, in ya zo na ɗaya baɗi, magana ta mutu. Kuma jaki dabbar gida ce mai daraja. Shi ke ɗauko taki zuwa gona, shi ke kwaso dawa da shinkafa daga fadama, kuɗi ake sa wa a saye shi. Shi ya sa in aka ce wane yana aikin jaki, rabin maganar tausayi ne, wani lokaci ma yabo.

Kare fa? Kare ba ya cewa komai game da basirarka. Hasali ma Bahaushe ya yarda kare na da wayo, ai shi ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Abin da kalmar ke taɓawa shi ne mutunci da kunya. Dabba ce mai cin abin da aka zubar, mai biyan buƙatarta a bainar jama'a, wadda ake jifa ta gudu ta sake dawowa. In ka ce wa mutum kare, ka ce masa ba shi da kamun kai, ba shi da gidan da ya yi masa tarbiyya. Wannan kuwa ba a wanke shi da cin jarabawa.

Akwai kuma matakai. "Kare" mataki ne. "Ɗan kare" ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, saboda yanzu ka tsallake mutumin ka hau kan mahaifinsa. Wanda ya fi duka shi ne a ce wa mace "karya", domin kowa ya san abin da ake nufi, ana zarginta da bin maza ne. Maƙwabtanmu ma haka suke gina nasu. Bazabarme na ce wa kare hansi, jaki farkai, ɗa kuma ize, to in ka ji "hansi ize" cikin fushi ka san an kai ƙarshe. Bafulatani na cewa rawandu da mbabba, kuma "ɓii rawandu" ba maganar da ake yi wa mai sanda a hannu ba ce. Harsuna uku mabambanta, amma ma'auni kusan ɗaya, saboda zaman tare da addini sun daɗe da haɗa mu.

Tunda na ambaci addini, akwai abin da mutane da yawa ke ɗauka ba daidai ba. Za ka ji ana cewa zagin kare ya fi zafi ne don kare najasa ne. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni ne kawai. Alƙur'ani ya halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, ga kuma karen Ashabul Kahfi. Ta ɓangaren misali kuwa dabbobin biyu duk sun samu rabonsu. A Suratul A'arafi an kwatanta wanda aka ba ilimi ya watsar da kare mai lallage, a Suratul Jumu'a an kwatanta waɗanda aka ɗora wa littafi ba su yi aiki da shi ba da jaki mai ɗauke da littattafai. Kun ga ko a nan rabon ya fito: kare na tsaye a wurin kwaɗayi da bin son rai, jaki na tsaye a wurin rashin fahimta. Wato nauyin zagin daga halin da muke gani a jikin dabbar yake fitowa, hukuncin tsarki ba shi ne tushensa ba.

To yanzu mu tsallaka iyaka. Ɗan'uwanmu na Segbana ko Kandi wanda ya yi boko, da Faransanci ya yi, domin ƙasarsu, da ake kira Dahome kafin 1975, Faransa ce ta mulke ta har 1960. A Faransanci jaki shi ne "an", kuma zagin 'yan makaranta ne. A tsofaffin makarantun Faransa har hula ake da ita mai dogayen kunnuwa, hular jaki, da ake kifa wa ɗalibin da ya kasa. Har nan mun yi daidai da su. Inda muka rabu shi ne kare, wanda suke kira "shiyan". Tabbas suna zagi da shi, kuma ta macen ma mummunar kalma ce a wurinsu. Amma kalmar ta cika bakinsu a maganar yau da kullum ba tare da nufin cin mutunci ba. Mummunan yanayi su ce yanayin kare, rayuwar wahala su ce rayuwar kare, wanda ke wahalar aiki su ce yana aiki kamar kare. Abin da mu muka ɗora wa jaki na wahala da haƙuri, su sun ɗora wa kare wani kaso nasa.

Mu ɗauki misali a bi shi daki-daki, irin wanda duk mai zama tashar iyaka zai gane. Wani ɗan kasuwa daga Kandi ya zo da mota a Tsamiya, ya ɗauki ɗan dako Bahaushe ya sauke masa buhu arba'in cikin rana tsaka. Da aka gama, tausayi ya kama shi, sai ya ɗauko maganar Faransanci ya zuba ta cikin 'yar Hausar da ya iya: "Kai, kana aiki kamar kare." A zuciyarsa yana cewa sannu da wahala ne. Ɗan dako kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne, na yi maka bauta, ladan da zan samu ka kira ni kare a gaban abokan sana'ata. Sai ya mayar: "Kai ne ɗan kare." Kun ga yanzu an hau mataki na biyu, an sa uba a ciki, kuma wannan karon shi ma baƙon ya gane sarai, domin ɗan kare zagi ne a Faransanci ma. Kafin ka ce me, an cakumi riga.

In aka kai irin wannan gaban sarkin tasha ko wani dattijo, mai hankali ba ya fara da tambayar wa ya fara duka. Abu na farko, a maimaita ainihin kalmar da aka faɗa, a kuma tambayi mai ita yadda ake faɗinta da harshensu. Da zarar baƙon ya faɗe ta da Faransanci, wani mai jin harshen zai ce, af, ai aikin jaki yake nufi. Rabin wutar ta mutu. Na biyu, a duba ko an ce "kamar kare" ne ko "kai kare ne", don kwatanta aiki daban, laƙaba wa mutum suna daban. Na uku, wa ya fara sa iyaye? A misalinmu ɗan dako ne, saboda haka shi ma akwai ban haƙuri a kansa, ko da yake shi aka fara ɓata wa rai. Na huɗu, a gaban wa aka yi? Maganar da aka yi a gaban jama'a, a gaban jama'a ake janye ta.

Ta ɗaya gefen ma ana samun haka. Mu muna cewa karen mota ba tare da jin komai ba, sunan sana'a ne, manyan direbobi da yawa daga nan suka taso. Su kuwa a can aparanti suke cewa, wato mai koyon aiki. Ka fassara masa karen mota kalma da kalma, sai ya ga ka mai da shi dabbar direba. Shi ya sa tafintan kirki a bakin iyaka nauyin magana yake fassarawa, ba ya tsayawa kan sunan dabbar.

Sai abu na ƙarshe da ke canza nauyi, wato wanda ya faɗa. Muna da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Arawa, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Kabawa. A Nijar wannan al'ada har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2014. Abokin wasanka na iya ce maka jaki a tsakiyar kasuwa, ka yi dariya ka rama. Amma ku lura, ko a wasan akwai layin da masu hankali ba sa tsallakawa, ba a jefa wa matar mutum ko uwarsa kalmar da ke taɓa mutuncinta. Dalili kuwa, wannan ya fita daga zagi ya doshi ƙazafi. Malaman fiƙihu sun bambanta su: ce wa mutum kare ko jaki abin ladabtarwa ne gwargwadon ganin alƙali, amma jifan mutum da zina ko kore shi daga ubansa haddi ne na bulala 80, kuma a Malikiyya ko da habaici aka yi shi, in manufar ta fito fili, ana iya kama mutum da shi.

Saboda haka shawarata ga matasanmu masu dako, masu kabu-kabu da masu canjin sefa ita ce, in baƙo ya kira sunan dabba a kanka da Hausar da ba ta nuna ba, tambaye shi tukuna, "Me kake nufi?" In kuma kai ne ke magana da harshen aro, bar dabbobi a gida, musamman kare.

Ina son jin na garuruwanku. Masu jin Busanci, Kyanganci da Barganci, wace dabba ce ta fi zafi a zagi a wurinku? Ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya, wassalamu alaikum.