Idan Adadin Mahalarta Ya Ragu Ana Tsakiyar Taro

Yau da sakatarorin ƙungiyoyi nake magana.

Kowane zama yana da mafi ƙarancin mutanen da dole su halarta kafin shawararsa ta zartu. A Majalisar Dattawan Nijeriya, sashe na 54 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kashi ɗaya bisa uku ne, wato 37 cikin sanatoci 109. Ƙungiyarku kuwa, tsarin mulkinta ne zai faɗa.

A ce kwamitinku mutum 15 ne, kuma sai da 8 zama ke yiwuwa. Malam sakatare, kada ka tsaya ga rubuta "jama'a sun hallara". Rubuta cewa an buɗe da ƙarfe 10, masu ikon ƙuri'a 9 ne, ga sunayensu. Baƙi ba sa cikin lissafi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakiyar taro. Da ƙarfe 12 mutum biyu suka fice, saura 7. Nan take ka sanar da shugaba a sake ƙirga, ka rubuta lokacin, da sunayen waɗanda suka fita, da batun da ake kai. Abin da aka zartar kafin nan yana nan daram. Wanda ya biyo baya tattaunawa ce kawai, ko da kuwa duka bakwai ɗin sun amince. Idan ɗaya daga cikin waɗanda suka fita ya dawo, rubuta lokacin dawowarsa kafin a kaɗa ƙuri'a. In babu wanda ya dawo, shugaba ya ɗage zama.

Don Allah kada a taɓa kuɗin ƙungiya bisa shawarar da adadi bai cika ba.