Masara Mai Aure da Masara Mai Barbarar Iska: Dalilin Lalacewar Irin da Aka Ajiye



Manomin Doguwa ko Tudun Wada ya gaji wata al'ada daga kakanninsa, watau ya zaɓi goyon masara mafi kyau ya rataye don shukar baɗi. Amma tun da shirin Sasakawa ya shigo Jihar Kano a 1992, aka yaɗa masara mai aure irin su Oba Super 2, sai wannan al'ada ta fara ba shi kunya. Ina dalili?

Masara mai aure 'yar iyaye biyu ce. Masana kan tilasta wa kowane ɗayansu ya barbari kansa har zuriya shida ko bakwai, sai ya tsumbure, amma halinsa ya tsaya guda. In aka aurar da su, 'ya'yan fari sukan fito bai ɗaya, su fi iyayen ƙarfi nesa, domin inda uwa ta gaza uba ya rufe mata. In kuwa 'ya'yan suka barbari juna, sai halayen su wargaje, raunin kakanni da aka rufe ya sake bayyana. Bisa ƙa'ida, rabin fifikon nan yakan zube a shuka guda.

Ga misali. A ƙaddara wani manomi a Kiru ya sami buhu 40 a hekta, alhali iyayen irin ba za su wuce buhu 16 ba. Fifikon aure ke nan buhu 24. In ya shuka abin da ya ajiye, rabin fifikon ya tafi, sai ya tashi da buhu 28, ko da bai rage taki ba. Ya tsimi kuɗin iri kilo 20, ya yi asarar buhu 12. Tun kafin girbi gonar za ta tona asirin kanta: wannan kara dogo, wancan gajere, wani ya fid da gemu, wani bai ko yi fure ba.

Masara mai barbarar iska kuwa, kamar SAMMAZ 15 ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, taron dangi ce, halayenta sun riga sun daidaita. Ba ta cika kamo mai aure a gonar da ta ƙoshi da taki ba, amma ana iya ajiye irinta shekara biyu ko uku. Sharaɗi shi ne a nisanta ta da wata masara kamar mita 200, a ɗebi iri daga tsakiyar gona, kuma daga goyo ɗari biyu ko fiye, don kada dangin ya ƙuntata.

Saboda haka manomin Bebeji mai halin sayen taki da sabon iri kowace damina, mai aure ta fi masa riba. Wanda kuwa ya dogara ga rumbunsa, mai barbarar iska ce tasa.