Kudin Suna a Littafin Kamfani



Yau za mu tattauna kan kudin suna. Idan kamfani ya sayi wani kamfani, akawu yakan lissafa darajar duk abin da ake iya warewa, kamar gini, injina, har da tambarin kaya, sannan ya cire bashi. Abin da mai saye ya biya sama da wannan, shi ne kudin suna. Kudi ne na amanar masu ciniki, da kwarewar ma'aikata, da ribar da ake hange.

Ku lura, sai an yi ciniki ake rubuta shi. Kamfani ba ya rubuta wa kansa kudin suna, komai shahararsa.

To, me ya sa ake auna shi akalla sau daya a shekara? Saboda hange ne, kuma hange yakan saba. Akawu zai tambaya: sashen nan da muka saya, zai iya mayar da adadin da muka rubuta? Idan ba zai iya ba, sai a rage, a rubuta asara. Abin da aka rage kuma ba a mayar da shi.

Ga misali daga Amurka. A 2014 Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia. Ciniki bai tafi yadda aka zata ba. A 2015 ya rubuta asarar sama da dala biliyan 7, mafi yawanta kudin suna. A ganina, mai hannun jari ya cancanci jin wannan gaskiyar da wuri.

Mu kwana nan.