Ranar da Aka Rufe Iyaka: Wa Ke da Uzuri?



A cikin takardun kwangila da na haya akwai wani sharaɗi da lauyoyi ke kira fos majo. Kalmar Faransanci ce, manufarta al'amarin da ya fi ƙarfin mutum, kamar yaƙi ko ambaliya ko umurnin hukuma. A Nijar doka ce ta tanadi wannan uzuri. A Nijeriya kuwa sai an rubuta shi cikin takarda, kuma abin da aka lissafa alƙali zai duba. In babu shi, sai a nemi kotu ta ce yarjejeniyar ta rushe da kanta, wannan kuwa ƙofa ce mai ƙunci.

Bari mu ɗauki misali daga gida. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. To, a ce 'yan kasuwa biyu a Garu sun sa hannu kan kwangila cikin watan Yuni, kowace takarda ta ambaci rufe iyaka.

Na farko ya yi alkawarin kai buhun masara 200 Ƙonni kafin ƙarshen Agusta. Wannan yana da uzuri, domin hukuma ta toshe hanyar halal, kuma kotu ba za ta ce ya bi ta ɓarauniyar hanya ba. Amma wajibi ne ya sanar da abokin cinikinsa a rubuce cikin kwanakin da takarda ta yanka. In ya yi shiru, yana iya rasa uzurin.

Na biyu ya yi alkawarin kai wa wata makaranta a Sakkwato buhun wake 200, da nufin sarowa daga Ƙonni, amma takarda ba ta faɗi inda waken zai fito ba. Wannan ba shi da uzuri. Akwai wake a kasuwar Illela, tsada kawai ya yi, tsada kuwa ba ta hana cika alkawari a idon shari'a. Haka kotun ƙoli ta Ingila ta yanke a 1961 kan masu sayar da gyaɗar Sudan zuwa Hambug, bayan an rufe mashigin Suwez a 1956. Ta ce ai suna iya kewayawa ta kudancin Afirka, ko da kuɗin jirgi ya ƙaru.

Mai hayar shago a bakin iyaka ma haka ne. Ciniki ya mutu, amma shagon na hannunsa, saboda haka kuɗin haya na wuyansa, sai in takarda ta ɗauke masa.

Don haka kafin ku sa hannu, ku duba ko an ambaci rufe iyaka, da kwanakin sanarwa, da kuma ko jinkirta alkawari za a yi ko warware shi.