Huhu da ƙoda: yadda suke riƙe ma'aunin jini

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban kiwon lafiya da ma'aikatan asibitocin karkara a Madawa, jahar Tawa

 

Jinin mai lafiya yana zaune ne tsakanin pH 7.35 da 7.45. In ya sauka ƙasa da haka asid ya yi rinjaye, in ya haura sama asid ya yi ƙaranci. Abubuwa biyu ke tsayar da wannan lamba. Na farko iskar kabon, wato CO₂, wadda jiki ke samarwa dare da rana yayin ƙona abinci. In ta narke a jini sai ta zama asid, kuma huhu ke fitar da ita. Na biyu bikarbonat, mai kashe kaifin asid, wanda ƙoda ke tsarewa, ta ƙara shi in an buƙata. A jikin mai lafiya CO₂ na kusa da 40 mmHg, bikarbonat kusa da 24 mmol a lita. Ga lissafin Henderson da Hasselbalch da ya haɗa su:

```
pH = 6.1 + log( HCO3 / (0.03 × PCO2) )
```

Ku ninka 40 da 0.03, kun sami 1.2. Ku raba 24 da 1.2, kun sami 20. Muddin rabon nan na 20 da 1 ya tsaya, pH na 7.40.

Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne bambancin saurin gaɓoɓin biyu. Huhu cikin mintoci yake canza CO₂. Ƙoda kuwa sai ta yi kwana uku zuwa biyar kafin ta kammala gyaranta, don aikinta na da matakai: ta maido da bikarbonat ɗin da ta tace, ta zubar da asid cikin fitsari a siffar amoniyom, ta ƙera sabon bikarbonat ta mayar wa jini. Saboda haka yawan bikarbonat kan gaya maka tun yaushe ciwon ya fara.

Mu ɗauki marasa lafiya biyu, kowane CO₂ ɗinsa 60.

Na farko saurayi ne da ya sha tiramol fiye da kima. An kawo shi yana barci mai nauyi, numfashinsa jefi-jefi. Huhunsa lafiya lau, ƙwayar ce ta danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa, iskar kabon ta taru. Ƙoda ba ta sami lokaci ba tukuna, don haka bikarbonat ya ɗan motsa ne kawai, kusan 1 ga kowane ƙarin 10 na CO₂, ya kai 26. Ku yi lissafi, pH 7.26. Wannan shi ne asidosis na numfashi mai zuwa farat ɗaya. Haka kan faru da manomin albasa da maganin feshi irin fiya-fiya ya shiga jikinsa da yawa: majina ta cika hanyar iska, naman numfashi ya saki. Maganin irin waɗannan shi ne a buɗe hanyar iska a taimaka musu su numfasa, da jakar Ambu in ta kama, sannan a bi sanadin. Allurar bikarbonat ba ta da gurbi a nan, domin in ta haɗu da asid, CO₂ take haifarwa, ga shi kuma ba ƙofar fita.

Ta biyu dattijuwa ce daga wani ƙauyen Ader, wadda tun tana yarinya take hura murhun itace da kara a madafi marar taga, har huhunta ya toshe sannu a hankali. Shekara da shekaru tana tari. Ita ma CO₂ ɗinta 60, amma tana zaune tana gaisawa da kai da hankalinta. Ƙodarta ta daɗe tana aiki, tana ƙara kusan 4 ga kowane ƙarin 10, bikarbonat ya kai 32, pH ya dawo 7.35. Ƙoda ta rufa asiri, amma ba ta warkar da huhun ba.

Yanzu a ce hunturu ya shigo da ƙurarsa, ciwon haƙarƙari ya kama ta. CO₂ ya hau 80, bikarbonat 34 kacal, pH ya faɗi 7.25. Yawancin ɗakunan shan maganinmu ba su da na'urar auna iskar jini, to da me za ka gane? Za ta yi kukan ciwon kai, musamman da safe. Za ka taras tana gyangyaɗi da rana tsaka, tana amsa tambaya a ruɗe. Ka ce ta miƙe hannuwa ta ɗaga tafuka sama, za ka ga suna faɗuwa suna tashi, tafin kuma da ɗumi. Na'urar nan da muke maƙalawa a yatsa iskar oksijin kaɗai take aunawa, ba ruwanta da CO₂. Tana iya nuna 99 alhali maman tamu na nutsewa. Ga irinta ana neman 88 zuwa 92 ne, domin oksijin da ya wuce kima kan ƙara tara CO₂. Amma ku ji ni da kyau, kada tsoron wannan ya sa a hana ta oksijin. A ba ta daidai gwargwado, a zauna kusa ana dubawa, in barcin na ƙaruwa a tura ta babban asibiti.

Sai ɗaya ɓangaren. Ɗaliba ce ranar jarrabawa, tsoro ya kama ta, tana haki da sauri. CO₂ ya sauka 25, bikarbonat 21, pH ya hau 7.55. Wannan alkalosis na numfashi ne. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun tsuke, sai jiri. Sinadarin kalsiyom da ke yawo a jini ya ƙara manne wa furotin, sai leɓe da yatsu su yi ta tsikari, har hannu ya ƙandare. Sau da yawa a gida iska za a ce ta taɓa ta. A zaunar da ita, a yi mata magana a hankali, ta riƙa bin numfashinka. Ban yarda da rufa mata leda ko takarda a baki ba, don in asma ce ko ciwon zuciya ya sa ta haki, an ƙara mata wahala. Mai juna biyu ma CO₂ ɗinta kan sauka kusan 30 saboda sinadarin projestaron, ƙoda ta rage bikarbonat zuwa wajen 20. Wannan lafiya ce. Shi ya sa in mai ciki na fama da asma aka auna aka sami 40, alamar gajiya ce, a yi hanzari.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi damuna, kuma nan Madawa da Buza, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana taya jinyar yara, kun san lokacinsa: daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika ɗakin yara. Za a kawo yaro yana jan numfashi mai zurfi, ƙirji na cika yana sauka. Da za a auna, CO₂ ɗinsa ƙasa yake, amma jininsa asid ya yi masa yawa. Ƙarancin jini da toshewar ƙananan jijiyoyi sun hana oksijin isa ga tsoka, asid ɗin laktik ya taru, huhu kuma na ƙoƙarin rage CO₂ don ya ceci ma'aunin. Binciken Kevin Marsh da abokan aikinsa a Kilifi ta ƙasar Kenya, wanda ya fito a 1995, ya nuna cewa wahalar numfashi na cikin manyan alamomin da ke nuna yaron da zazzaɓin zai iya kashewa. Ka sa abin sauraro a ƙirjinsa. In ka ji huhu fes, ga numfashi mai zurfi, ka duba farin tafin hannu da fatar ido, ka yi gwajin zazzaɓi, ka auna sukari. A fara artesunat ta allura, a nemi jini in ya yi ƙasa, kuma kada a yi kuskuren ba shi wani abin da zai kwantar da wannan numfashi, don da shi yake riƙe da ransa kafin magani ya kama.